Yadda ƙaramar tawagar tsaro za ta bi rahoton imel ɗin damfara, daga shigowarsa har rufe shi

Wannan tsari an yi shi ne don ofishin da masu kula da tsaron kwamfuta ba su wuce biyu ko uku ba, kuma su ne dai ke gyara firinta da haɗa intanet. Na ɗauki ofishin da ke aiki da Microsoft 365 a Najeriya, domin shi ne zan iya kawo sunayen wurarensa daidai yadda suke a allo. Masu Google Workspace matakansu ɗaya ne, sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta.

Abin da ke cinye lokacin ƙananan tawagogi shi ne su zauna suna nazarin saƙon da aka kawo, suna musu kan ko na damfara ne ko ba shi ba ne, alhali wani a sashen kuɗi ya riga ya rubuta kalmar sirrinsa tun minti ashirin da suka wuce. Don haka tsarin nan yana sa tambayoyi biyu a gaba: me wanda ya kawo rahoton ya yi da saƙon, kuma wa da wa suka samu irinsa. Nazarin saƙon yana zuwa bayansu.

Raba aiki kafin ranar ta zo

Kujeru uku ake buƙata, ko da mutum biyu ne za su zauna a kansu. Mai duti shi ne ke karɓar rahoto, ya buɗe tikiti, ya kira wanda ya kawo shi, ya yanke hukuncin farko. Tikitin nasa ne har a rufe, ko da wasu sun shigo taimako. Admin ɗin imel shi ne mai ikon bin sawun saƙo, share shi daga akwatunan mutane, rufe asusu da sauya kalmar sirri. Shugaban tsaro kuma shi ne ke magana da waje: manaja, sashen kuɗi, jami'in kare bayanai, banki da hukuma. Idan ku biyu ne, ɗaya ya haɗa duti da admin, ɗayan ya riƙe shugabanci. Kada ku haɗa admin da shugabanci a hannun mutum ɗaya, domin a ranar da abu ya ɓaci ba zai iya rufe asusu yana kuma amsa kiran manaja ba.

A saman takardar wannan tsari ku rubuta suna da lambar waya a gaban kowace kujera, da sunan wanda zai maye idan ba a samu mai ita ba. "Sashen kwamfuta" ba suna ba ne. Ku kuma nemi manaja ya sa hannu tun yanzu cewa mai duti yana da ikon rufe asusun kowa a ofishin, har da na manajan kansa, ba tare da neman izini ba. In ba a rubuta wannan ba, ƙaramin ma'aikaci zai ji nauyin rufe asusun oga, ya tsaya jira, ɓarawo kuma yana ciki yana karatu. A fayyace wanda ke riƙe da wayar duti lokacin sallar Juma'a, da ƙarshen mako, da hutun Sallah. Ku buga takardar a ajiye kwafi a aljihun tebur, saboda wanda aka rufe wa asusu ba zai iya buɗe kwafin da ke cikin SharePoint ba.

Mataki na ɗaya: ƙofa guda ta shigowa

Ma'aikata su san hanya ɗaya tak: maɓallin `Report` da ke cikin Outlook, wanda admin zai saita ya riƙa kai kwafi wani akwati na musamman, misali `phish@example.com`. Wanda ba shi da maɓallin ya tura saƙon a matsayin fayil da `Forward as attachment`. Turawa ta yau da kullum da `Forward` tana zubar da bayanan kan saƙon na asali, wato su ne ke nuna daga wace saba ya taso, kuma su kuke buƙata. Idan ta WhatsApp ko tes saƙon ya zo, a ɗauki hoton allo wanda lambar mai aikowa ke fitowa a ciki.

Gaskiyar magana mutane za su ci gaba da tare ku a baranda su ce "wani saƙo ya shigo mini". Ku karɓa, amma mai duti ya buɗe masa tikiti nan take. A cikin tikitin a rubuta lokacin da saƙon ya iso, lokacin da aka kawo rahoto, adireshin mai aikowa, taken saƙon, da sunan mai rahoto. Ku zaɓi agogo ɗaya ku tsaya a kansa. Rajistocin Microsoft da yawa suna nuna lokacin UTC, Najeriya kuma tana gaba da shi da awa ɗaya. Wanda ya manta wannan zai nemi shigar ɓarawo a awar da ba ita ba, ya ce bai ga komai ba.

Mataki na biyu: kira cikin minti goma sha biyar

Mai duti ya kira mai rahoto a waya ko ya je teburinsa. Kada ya aika masa imel, domin in an riga an shiga asusun, ɓarawon ne zai fara karantawa. Tambayoyin huɗu ne: ka danna linkin? Ka rubuta kalmar sirri ko ka amince da wata sanarwa a wayarka? Ka buɗe fayil? Ka amsa saƙon ko ka biya wani kuɗi?

Yadda ake tambayar yana da tasiri a kan amsar. Wanda aka ce wa "me ya sa kika danna?" zai ce bai danna ba. Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Hajiya, sannu da aiki. Mun ga saƙon da kika turo, kin kyauta. Da kika buɗe shi, me ya fito?"

"Shafin Microsoft ne ya fito, ya ce in sake shiga. Na sa kalmar sirri, wayata ta tambaye ni, na amince. Sai kuma takardar ba ta buɗe ba."

"To madalla da kika faɗa. Zan rufe asusunki na ɗan lokaci, ki bar kwamfutar a kunne, ina zuwa."

Amsar ita ce ke raba hanya. Wanda bai taɓa komai ba, matsayi na ƙasa ne, mai duti ya ci gaba shi kaɗai. Wanda ya danna amma bai rubuta komai ba, matsayi na tsakiya, a sa admin ya duba rajistar shigarsa duk da haka, domin mutum kan manta ko ya ji kunya. Wanda ya rubuta kalmar sirri, ya buɗe fayil da ya gudana, ko ya tura kuɗi, matsayi na sama ne: a tsallake kai tsaye zuwa mataki na biyar, a kira shugaban tsaro a lokacin, sauran matakan su biyo baya.

Mataki na uku: duba saƙon, minti goma ya isa

Mai duti ya buɗe bayanan kan saƙon ya nemi layin `Authentication-Results`, sannan ya kwatanta `From` da `Reply-To` da `Return-Path`. Idan sunan da ke fitowa na manaja ne amma `Reply-To` yana nuna wani adireshin Gmail, magana ta ƙare. Haka in domen ɗin ya yi kama da na kamfanin da kuka sani amma an sauya harafi ɗaya.

Inda ake ruɗuwa shi ne a ga wannan:

```
spf=pass dkim=pass dmarc=pass
```

Wannan layi yana tabbatar da cewa saƙon ya fito daga domen ɗin da ya ambata. Bai ce mai domen ɗin ne ya rubuta shi ba. Idan an shiga asusun ɗan kwangilar da ke kawo muku kaya, saƙon ɓarawo zai ci duka ukun, zai ma iya zuwa a matsayin amsa cikin tsohuwar hirarku da su. Kamar wasiƙa ce da hatimin gaske, sai dai hatimin sato shi aka yi. Irin wannan ake ganewa ta abin da saƙon ke nema da inda linkinsa ke kaiwa.

Kada a danna linki a kwamfutar aiki. A kwafe shi, a gurgunta shi kafin a sa a tikiti don kada wani ya danna bisa kuskure:

```
hxxps://shared-invoice[.]example[.]net/view
```

Ana iya duba shi a urlscan.io, amma a zaɓi `Private`, domin binciken `Public` kowa na ganinsa, kuma linkan damfara da yawa suna ɗauke da adireshin wanda aka aika wa a cikinsu. Fayil kuma kada a ɗora shi a VirusTotal kai tsaye, saboda masu biyan kuɗin shafin suna iya sauke abin da aka ɗora, in kuwa takardar gaske ce ta ofishinku kun fitar da ita da hannunku. A ciro zanen yatsan fayil ɗin a nema da shi:

```
Get-FileHash .\invoice.pdf -Algorithm SHA256
```

In bincike bai nuna komai ba, hakan bai wanke saƙon ba. Sabon shafin da aka kafa da safe babu wanda ya san shi tukuna. Minti goma suka cika ba ku tabbatar ba, ku ɗauke shi a matsayin na damfara ku ci gaba. Saƙon gaske da aka share bisa kuskure ana iya maido shi.

Mataki na huɗu: wa kuma ya samu

Wannan na admin ne, kuma ya kamata ya gama shi cikin rabin awa da buɗe tikiti. A `Exchange admin center` ya buɗe `Message trace`, ya nema da adireshin mai aikowa. Sannan ya sake nema da taken saƙon, domin masu wannan aiki sukan aiko saƙo ɗaya daga adireshi daban-daban. Jerin sunayen da ya fito a liƙa shi a tikiti.

Share saƙon daga akwatuna ya danganta da lasisinku. Masu `Defender for Office 365 Plan 2` suna yi daga `Explorer`, suna kuma iya ganin wanda ya danna linki. Waɗanda ba su da shi sai su yi bincike a Purview su share da umarni:

```
New-ComplianceSearchAction -SearchName "PH-014" -Purge -PurgeType SoftDelete
```

A yi amfani da `SoftDelete` don a iya maidowa, kuma a duba adadin da binciken ya kamo kafin a share. In kuna tsammanin saƙo goma sha biyu kuka ga ɗari huɗu, sharaɗin binciken ya yi faɗi, za ku kwashe wasiƙun gaske. A ajiye kwafin asali ɗaya a tikiti kafin sharewa. Bayan haka a toshe linkin da mai aikowa a `Tenant Allow/Block List`. In adireshin na abokin hulɗa ne da aka shiga asusunsa, a toshe adireshin nan ɗaya, a sa ranar da za a sake dubawa, kada a toshe kamfanin gaba ɗaya a manta.

Sharewa ba ta warware abin da ya riga ya faru. Duk wanda ke cikin jerin, mai duti ya tambaye shi tambayoyi huɗun nan, a fara da sashen kuɗi da shugabanni da masu ikon admin.

Mataki na biyar: asusun da aka shiga

A nan aikin yake, don haka mu bi misali ɗaya. A ce ranar Alhamis ƙarfe 10:05 saƙo ya iso ga mutum goma sha biyu daga asusun gaske na wani ɗan kwangila, yana cewa ga takardar biyan kuɗi. Akanta ta danna ƙarfe 10:20, ta sa kalmar sirri, ta amince a waya, ta kawo rahoto ƙarfe 10:45.

Za a ce ai tana da tantancewa ta biyu. Shafin da ta shiga yana tsaye ne a tsakiya: duk abin da ta rubuta yana miƙa wa Microsoft na gaske, Microsoft ya tura mata sanarwa ta gaske a waya, ta amince, sai shafin ya riƙe shaidar shiga da aka ba burauza. Da wannan shaidar ɓarawo zai shiga ba tare da an sake tambayarsa komai ba. Shi ya sa sauya kalmar sirri kaɗai ba ya isa, kuma jerin nan ake bi ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Da farko admin ya hana shiga asusun a `Microsoft Entra admin center`. Sai ya soke duk zaman da ke buɗe, da maɓallin `Revoke sessions` ko da umarni:

```
Revoke-MgUserSignInSession -UserId akanta@example.com
```

Sai ya sauya kalmar sirri, ya gaya mata sabuwar baki da baki. A sani cewa wata shaidar da aka riga aka bayar tana iya ci gaba da aiki har wajen awa ɗaya bayan sokewa, don haka a ci gaba da sa ido a kan asusun a wannan tsakanin.

Sai a nemi abin da ɓarawo ya dasa don ya dawo. A `Authentication methods` a duba ko an ƙara sabuwar waya ko manhajar tantancewa bayan ƙarfe 10:20. Duk abin da ba ta gane ba a cire. A duba manhajojin da asusun ya ba izinin karanta imel, domin wannan izini ba ya mutuwa da sauya kalmar sirri. Sai dokokin akwatin saƙo:

```
Get-InboxRule -Mailbox akanta@example.com | fl Name,MoveToFolder,ForwardTo,RedirectTo,DeleteMessage
Get-Mailbox akanta@example.com | fl ForwardingSmtpAddress
```

Abin da aka saba gani shi ne doka mai suna ɗigo ɗaya ko biyu kawai, wadda ke kwashe duk saƙon da ya ƙunshi kalma kamar `invoice` ko `payment` zuwa `RSS Feeds` ko `Conversation History`, inda ba mai leƙawa, ta kuma sa masa alamar an karanta. Manufar ita ce ɓarawo ya yi hira da abokan hulɗarku da sunan akanta, ita kuwa ba ta ganin amsoshinsu. A ɗauki hoton dokar kafin a goge ta.

Daga nan a buɗe `Sign-in logs`. A misalinmu za a ga shiga mai nasara ƙarfe 09:21 a agogon UTC, wato 10:21 a nan, daga adireshin wani kamfanin hayar saba, ba daga layin ofis ko na wayarta ba. Kada a dogara da sunan gari kaɗai. Layukan waya a Najeriya sukan nuna Legas ko Abuja ko da mutum yana Kano. Kamfanin da ke da adireshin da irin na'urar sun fi faɗin gaskiya. Adireshin da kuka samu ku nema da shi a rajistar kowa da kowa, ta haka ake gano mutum na biyu da ya faɗa bai ce komai ba. A sauke rajistar a ajiye a ranar, domin a lasisin kyauta kwana 7 kawai take zama, a lasisin Entra P1 da P2 kuma kwana 30.

Abu na ƙarshe, a duba `Sent Items` da `Deleted Items`, a kuma yi `Message trace` na abin da ya fita daga asusun tun 10:21, tunda ɓarawo kan goge abin da ya aika. Idan an tura wa abokan hulɗa saƙo da sunanta, shugaban tsaro ya sanar da su a ranar. Ba a buɗe mata asusu sai an gama duk waɗannan, ta kuma sake rajistar wayarta a gabanku. In tana amfani da tsohuwar kalmar sirrin a wani wuri, ta sauya can ma.

Idan fayil ne aka buɗe ya gudana, a cire kwamfutar daga kebul ɗin intanet da Wi-Fi, a bar ta a kunne don kada shaidar da ke cikinta ta ɓace, a ba mai ita wata, sannan a bi matakan asusu na sama daga wata na'ura.

Inda ake kai magana sama

Mai duti ba ya tsayawa auna ko abin ya kai a tashi oga daga barci. An riga an rubuta masa. Yana kiran shugaban tsaro nan take idan an tabbatar baƙo ya shiga asusu, ko mutum fiye da ɗaya sun sa kalmar sirri, ko asusun na admin ne ko na shugaba ko na sashen kuɗi, ko fayil ya gudana. In ya kira sau biyu cikin minti goma ba a ɗauka ba, ya kira mataimaki.

Idan kuɗi ya fita, ko an nemi sauya lambar asusun banki, shugaban tsaro ya kira shugaban sashen kuɗi a dakatar da duk biyan da ke jira ga wannan ɗan kwangila, a kuma kira bankinku kafin a gama bincike, domin kuɗin da ya sauka akan rarraba shi zuwa wasu asusun cikin ɗan lokaci. Rahoto ga 'yan sanda ko EFCC yana biyo baya da sa hannun manaja. Ɗan kwangilar kuma a kira shi a lambar da ke cikin tsohuwar takardar yarjejeniya, ba wadda ke ƙasan saƙon ba.

Idan akwatin da aka shiga yana ɗauke da bayanan mutane, kamar jerin albashi, lambobin BVN ko NIN, ko takardun asibiti, a kira jami'in kare bayanai a ranar. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 daga lokacin da aka san an keta bayanai don sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC, idan ketawar na iya cutar da masu bayanan. Tawagar tsaro ba ita ke yanke ko za a sanar ba. Nata shi ne ta rubuta ainihin lokacin da ta gano, ta kuma kawo jerin abin da ke cikin akwatin. Jami'in da lauya su ne za su duba wannan, da batun rahoto ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet, da hukumar da ke sa ido a kan sana'arku.

Akwai kuma inda ya kamata ku kira ƙwararru daga waje: an shiga asusun `Global Administrator`, ko fayiloli sun fara kullewa a kwamfuta fiye da ɗaya, ko kun kori ɓarawo ya dawo. Lambarsu ta kasance a takardar tun kafin ranar.

Mataki na shida: rufewa

Mai duti ba ya rufe tikiti sai an share saƙon, an tambayi kowa a jerin, an kuma sake duba rajistar shiga washegari ba a ga baƙo ba. Na matsayin sama shugaban tsaro ne ke sa hannu. A rubuta lokuta uku: isowar saƙo, kawo rahoto, da rufe asusu. A misalinmu tazarar farko minti arba'in ce, kuma mutum ɗaya ne cikin goma sha biyu ya yi magana, don haka gyaran da za a fara yi yana wajen ma'aikata. Da a ce tazara ta biyu ce ta yi tsawo, a duba ko mai duti ya rasa iko ne ko ya rasa wanda zai kira, a gyara takardar a makon.

Mai rahoto kuma a koma masa da amsa ko da saƙon nasa tallar banza ce: layi biyu, me aka gano, me aka yi. Idan saƙon ya kai mutane da yawa, a fitar da gajeriyar sanarwa ga ofis da hoton saƙon, a rufe linkin a hoton, ba tare da sunan wanda ya danna ba.